Sanar da Sabon Aiki a LinkedIn Ba Tare da Cika Baki Ba

Duk wanda ya ƙara sabon muƙami a shafinsa na LinkedIn zai ga wani maɓalli mai suna "Notify network". Idan ya kunna shi, labari ya bazu ga abokan hulɗarsa ke nan. Da yawa daga cikinmu a nan muke turjewa, domin mun taso da jin cewa yabon kai jahilci ne. Amma a dandalin da aka gina don harkar aiki, faɗin inda ka koma sanarwa ce kawai. Alfahari yana shigowa ne ta wajen godiyar.

A ɗauka wata akanta ce ta bar ƙaramin kamfani a Kano ta koma wani babba a Abuja. Ta rubuta: "Cikin ɗaruruwan masu nema ni aka zaɓa. Na gode wa duk waɗanda suka yarda da hazaƙata." Kalmar godiya tana ciki, amma wa aka yaba? Ita. Mutanen kuwa an mayar da su 'yan kallo.

Ga yadda za ta gyara: "Alhamdulillah, ranar Litinin na fara aiki a matsayin akanta a kamfani kaza. Ina godiya ga tsohuwar shugabata, wadda ta zauna da ni wata uku tana nuna mini yadda ake rufe lissafin ƙarshen wata, da abokin aikina da ya turo mini tallar gurbin. Akwai abubuwa da dama da zan koya a sashen haraji, kuma ina ɗokinsu."

Bambancin shi ne kowane mutum an faɗi abin da ya yi. Shugabar za ta karanta ta tuna zaman, mai karatu kuma ya gane da kansa cewa yarinyar ta iya aiki. A ganina mutum biyu ko uku sun isa. Jera sunaye ashirin da alamar @ ya fi kama da neman tafi, kuma kyautatuwa a nemi izinin mutum kafin a maƙala sunansa, don ba kowa ke son a san shi ya yi hanya ba.

Layukan farko kaɗai ake gani kafin a latsa don karanta sauran, saboda haka muƙami da wurin aiki su zo a sama. Dandalin ya ba da damar haruffa 3,000, amma ba sai an cinye su ba.

Sai lokaci. Kada a wallafa kafin a sanar da tsohon wurin aiki, kada kuma a wallafa da zarar takardar ɗauka ta iso, domin akan janye tayi. A bari sai an kama aiki. Hoton takardar ko na katin shaida kuwa a bar shi a waya, saboda akwai albashi, sa hannu ko lambar ma'aikaci a jiki, kuma 'yan damfara na iya amfani da su.