Me Ya Sa YouTube Ke Ƙin Karɓar Dogon Bidiyo?

Ɗalibi ya naɗi tafsirin malaminsa na minti 40 da waya, ya buɗe sabuwar tasha a YouTube domin jama'a su amfana. Ya zuba fayil ɗin a kwamfuta ya fara ɗorawa, ya yi ta jira har ya kammala hawa. Sai kawai saƙo ya fito cewa bidiyon ya yi tsawo, an dakatar da sarrafa shi. Data ta tafi, tafsiri bai fita ba.

Laifin ba na sabis ba ne. Ƙa'idar YouTube ce cewa duk asusun da ba a tantance ba, iyakarsa bidiyon minti 15. Kamfanin yana neman lambar waya ne domin ya rage masu buɗe tashoshin bogi barkatai. Asarar kuwa ba ƙarama ba ce. Idan waya tana cin kimanin megabait 100 a kowane minti na hoto mai kyau, minti 40 sun kai gigabait 4, kuma duk sai sun fita daga datar mutum.

Maganin ba ya ɗaukar lokaci, kuma kyauta ne. Ka shiga youtube.com/verify da asusun da ke riƙe da tashar, ka zaɓi ƙasarka, sannan ka zaɓi saƙon tes ko kiran waya. Ka rubuta lambarka, za a turo maka lambobi 6, sai ka shigar da su. Idan tes ɗin ya ƙi zuwa, ka gwada kira. Domin tabbatarwa, ka buɗe YouTube Studio a kwamfuta, ka bi Settings, sai Channel, sai Feature eligibility. Idan Intermediate features ya nuna Enabled, hanya ta buɗe.

Akwai wurin da mutane ke yawan tuntuɓe. Lambar waya ɗaya tashoshi 2 kacal take iya tantancewa a shekara. Saboda haka idan ka ari lambar mai shagon da ke buɗe wa jama'a asusu, mai yiwuwa a ƙi ta, domin an riga an cinye rabonta. Ka yi amfani da layinka na kanka.

Bayan tantancewa ma akwai iyaka: awa 12 ko gigabait 256, duk wanda aka fara cimma. Da wuya mai tafsiri ko mai fim ya kai can, amma mai haɗa karatun wata guda a fayil ɗaya zai iya zarce awa 12. Shi sai ya raba karatun kashi-kashi, domin matse fayil nauyi kawai yake ragewa, ba ya taɓa tsawo.

Mai karatu, kafin ka ɗora duk abin da ya wuce minti 15, ka fara tantance asusunka, ka duba nauyin fayil ɗin, sannan ka auna shi da datar da ke hannunka.