Dokar da ke Sayar da Jari Lokacin da Yake Tashe

Ƙasar Norway na da asusun da take tara kuɗin man fetur ɗinta, wanda ke cikin mafi girma a duniya, kuma akwai wata doka da ta ɗaure wa masu kula da shi hannu. Ma'aikatar kuɗin ƙasar ta tsara cewa kashi 70 cikin ɗari na ma'aunin asusun ya zama hannun jarin kamfanoni, sauran kuma takardun lamuni, wato bashin da ake bai wa gwamnatoci da kamfanoni. Idan aka duba a ƙarshen wata aka ga kason hannun jarin ya kauce da fiye da maki biyu, ko sama ko ƙasa, sai a fara mayar da shi inda yake. Ba a jiran wani masani ya yi hasashen inda kasuwa ta dosa, domin an riga an yanke shawarar tun kafin rikici ya zo.

Abin da ya sa ake buƙatar irin wannan doka shi ne rabon jari ba ya zama yadda aka ajiye shi. A ɗauki misalin mai naira miliyan 10 da ya zuba miliyan 6 a hannun jari, miliyan 4 kuma a takardun sukuk irin waɗanda gwamnatin Najeriya ta fara fitarwa a 2017. Ya zaɓi wannan rabo ne saboda iyakar kasadar da zai iya ɗauka ke nan ya yi barci. Sai kasuwa ta yi kyau, hannun jarin ya tashi da kashi 40, abin da ba baƙo ba ne, tunda kasuwar hannun jari ta Legas ta tashi da fiye da haka a 2023. Miliyan 6 ɗinsa ta koma miliyan 8.4, sukuk kuwa yana nan kusan yadda yake. Jimillar ta zama miliyan 12.4, kuma hannun jari ya cinye kusan kashi 68 na dukiyar. Mutumin bai sayi komai ba, bai sayar da komai ba, amma yanzu yana ɗauke da kasadar da bai taɓa amincewa da ita ba. Kamar mangalar jaki ce da gefe ɗaya ya rinjayi ɗaya ana cikin tafiya.

Da a ce ya sa iyakar maki biyar, wato kada hannun jari ya wuce kashi 65 ko ya gaza 55, manhajar da ke kula da asusun za ta yi lissafi mai sauƙi. Kashi 60 na miliyan 12.4 shi ne miliyan 7.44. Abin da ya haura, naira 960,000, shi za a sayar a sayi sukuk da shi. A gaskiya ma manhajar da ke dubawa kullum ba za ta bari a kai nan ba, domin hannun jarin na tashi da kusan kashi 24 zai taɓa iyakar 65.

Wannan ɓangaren ba shi da wahalar karɓa. Inda dokar ke nuna amfaninta shi ne ranar da kasuwa ta rushe. Idan hannun jarin ya faɗi da kashi 30, miliyan 6 ta koma miliyan 4.2, jimilla miliyan 8.2, kasonsa kuma ya sauko kusan 51. Doka ta ce a sayar da sukuk na naira 720,000 a ƙaro hannun jari, a daidai lokacin da kowa ke neman hanyar gudu. Mutane ƙalilan ne ke da ƙarfin zuciyar yin haka da hannunsu, shi ya sa ake miƙa aikin ga na'ura. Asusun Norway ya yi asarar kusan kashi 23 a 2008, ya ci gaba da sayen hannun jari cikin rikicin, sannan a 2009 ya samu ribar kusan kashi 26. Sai dai a lura, asusun gwamnati ne da kuɗin mai ke ta shigo masa, ba magidanci mai jiran kuɗin makarantar yara ba.

To ina ya dace a sa iyakar? Idan ta yi kusa, misali maki ɗaya, manhaja za ta yi ta saye da sayarwa, la'adar dillali da haraji su riƙa gutsurar dukiyar. Alamar hakan a bayyane take a takardar bayanin asusu: ciniki barkatai a wata guda, kowanne na 'yan kuɗi kaɗan. Idan kuma ta yi nisa, dokar ta zama ta jeka-na-yi-ka. Masu ba da shawara da yawa sun tsaya a wajen maki biyar, kuma sukan fara da hanya mafi arha: sabon kuɗin da aka zuba da ribar da kamfanoni suka raba a tura su ɓangaren da ya yi ƙasa, kafin a sayar da komai.

Akwai wani tarko da ke kama masu ƙananan kaso. Wanda ya ware kashi 5 kacal ga zinariya, ya kuma sa iyakar maki biyar, sai zinariyar ta ninka kasonta ko ta ƙare ƙurmus kafin manhaja ta motsa. Marubucin harkar jari Ba'amurke Larry Swedroe ya shahara da maganin wannan, dokar da ake kira 5/25: a gyara idan kaso ya kauce da maki biyar, ko da rubu'in girmansa na asali, duk wanda ya fara faruwa. Da wannan, zinariyar kashi 5 za ta jawo gyara in ta kai 6.25 ko ta sauka 3.75.

Dokar ba ta alkawarin ƙarin riba, kuma duk mai tallata ta da haka a yi hattara da shi. Idan kasuwa ta shekara goma tana hawa, wanda ke rage hannun jarinsa a kowane mataki zai ƙare a bayan wanda ya bar nasa ya yi ta girma. Ba ta kuma hana asara idan komai ya faɗi tare. A 2022 manyan hannayen jarin Amurka sun faɗi da kusan kashi 18, takardun lamuni da kusan 13. Mai rabon 60 da 40 ya rasa wajen kashi 16 na dukiyarsa, amma kason hannun jarinsa bai sauka ƙasa da 55 ba, don haka manhaja ko motsi ba ta yi ba. Aikinta kula da rabo ne, ba ta duban ko jimillar ta ragu.

A kasuwanni irin na Najeriya akwai ƙarin matsala, domin wasu takardun ba kullum ake samun mai sayensu ba, kuma farashin da manhaja ke gani yana iya zama tsoho. Mai son bin wannan tsari ya nemi dillalinsa ya rubuta masa abu uku kafin ya sa hannu: maki nawa ne iyakar, sau nawa ake dubawa, kuma nawa kowane gyara zai ci.