3.4 Loda Bayanai Masu Yawa Kashi-Kashi Ba Tare da Gurɓata Rumbu Ba

A wannan sashe za a yi bayanin yadda ake loda babban fayil cikin rumbun bayanai, ta yadda ko da aikin ya katse a tsakiya, abin da ya riga ya shiga zai kasance daidai, kuma a san inda za a ɗora. Ginshiƙin wannan dabara shi ne abin da masana suke kira tiranzakshan, wato ƙunshin aiki guda wanda ko dai ya tabbata ɗungurungum, ko kuma a warware shi ɗungurungum. Gray (1981) da kuma Haerder da Reuter (1983) suna daga cikin waɗanda suka fayyace wannan ƙa'ida. Misalan da za a kawo an gina su ne a kan PostgreSQL.

3.4.1 Dalilin Karkasa Lodi

A ɗauka akwai fayil mai layi 240,000 na hada-hadar kuɗi, inda kowace hada-hada take da layi biyu: ɗaya na cire kuɗi daga wani asusu, ɗaya na zuba su a wani. Hanya ta farko ita ce a tabbatar da kowane layi shi kaɗai. Wannan yana da nawa, domin a duk lokacin da aka ba da umarnin `COMMIT` sai na'ura ta jira an rubuta abin a kan faifai. Bugu da ƙari, idan wuta ta ɗauke tsakanin layin cirewa da na zubawa, kuɗi sun fita ke nan ba su isa ko'ina ba.

Hanya ta biyu ita ce a haɗa fayil ɗin duka cikin tiranzakshan guda. Wannan ba ya barin ɓarna, amma kuskure ɗaya a layi na 239,000 zai rusa aikin baki ɗaya, a koma farko. Haka kuma, muddin tiranzakshan yana buɗe, `VACUUM` ba zai iya share tsofaffin layukan da aka sauya bayan buɗe shi ba. Saboda haka ake bin tsaka-tsaki, a raba fayil kashi-kashi. A misalinmu, in aka ɗauki layi 5,000 a kowane kashi, za a sami kashi 48.

3.4.2 Alamar Inda Aka Tsaya

Karkasawa kaɗai ba ta isa ba. Dole ne a ajiye alamar layin ƙarshe da aka tabbatar, kuma a ajiye ta a cikin rumbun kansa, cikin tiranzakshan ɗin da ya loda kashin. Ga yadda kashi na 32 zai kasance:

```sql
BEGIN;
INSERT INTO shigarwa (fayil, layi, asusu, adadi) VALUES ...;
UPDATE ci_gaba SET layin_karshe = 160000
 WHERE fayil = 7 AND layin_karshe = 155000;
COMMIT;
```

A ƙaddara layi na 157,300 yana ɗauke da lambar asusun da babu shi, rumbu ya ƙi karɓarsa. Manhajar lodi za ta ba da umarnin `ROLLBACK`, sai duk abin da kashi na 32 ya shigar ya warware. Idan ma manhajar ce ta mutu, rumbun da kansa zai warware kashin da zarar ya gane cewa haɗin ya yanke. Kashi 31 na farko suna nan daram, alama kuma tana nuna 155,000. Bayan an gyara layin, sai a fara daga layi na 155,001. Abin da aka yi asara bai wuce aikin kashi ɗaya ba.

Muhimmancin haɗa alama da lodi wuri guda yana fitowa ne idan aka dubi akasinsa. Idan manhaja tana rubuta alama a wani ƙaramin fayil na dabam bayan `COMMIT`, to akwai ɗan taƙi tsakanin ayyukan biyu. Na'ura tana iya mutuwa a wannan taƙin: rumbu ya karɓi layi 160,000, alama kuwa tana cewa 155,000. In aka sake kunnawa, layi 5,000 za su shiga sau biyu. Idan kuma alamar ake fara rubutawa, layi 5,000 ne za su salwanta ba wanda ya sani.

Akwai wani yanayi makamancin wannan. Manhaja ta aika `COMMIT`, sai haɗi ya yanke kafin amsa ta dawo, don haka ba ta san ko kashin ya shiga ba. A nan bai kamata ta yi hasashe ba. Sai ta karanta teburin `ci_gaba` ta ɗora daga abin da ta tarar. Sharaɗin nan na `layin_karshe = 155000` shi ma kariya ce. Idan aka kunna manhajar sau biyu bisa kuskure, wadda ta zo daga baya za ta ga umarninta bai sauya layi ko ɗaya ba, sai ta warware kashinta. Ana kuma ƙara tsaro da ƙa'idar `UNIQUE (fayil, layi)`, wadda take hana layi ɗaya shiga sau biyu.

3.4.3 Inda Ya Kamata a Yanka Kashi

Tiranzakshan yana kare abin da aka sa a cikinsa ne kawai, bai san ma'anar bayanan ba. A misalinmu 5,000 ta yi daidai ne domin kowace hada-hada layi biyu ce. To amma idan wasu suna da layi na uku na kuɗin kamasho, iyakar kashi tana iya faɗawa a tsakiyar hada-hada guda, rabinta ya tabbata, rabi ya warware. Maganin wannan shi ne idan an kai layi 5,000 kada a yanka nan take, a ci gaba har sai lambar hada-hada ta sauya. Wannan yana buƙatar layukan kowace hada-hada su kasance a jere cikin fayil.

3.4.4 Yadda Ake Gane Ko Rumbu Yana Daidai

Bayan katsewa, kafin a ɗora, ana yin wannan gwaji:

```sql
SELECT count(*), sum(adadi) FROM shigarwa WHERE fayil = 7;
```

Yawan layuka dole ya zo daidai da alama, wato 155,000. Jimillar kuɗi kuwa dole ta zama sifiri, tun da ana rubuta cirewa da alamar ragi. Idan layuka sun fi alama yawa, an yi lodi ba tare da alama ba. Idan jimilla ba sifiri ba ce, an raba wata hada-hada biyu. Giɓi a lambobin da rumbu yake bayarwa da kansa ba shaidar ɓata ba ce, domin `ROLLBACK` ba ya maido da lambar da aka riga aka ciro.

3.4.5 Iyakar Wannan Dabara

Dabarar ta dogara ga rumbun da yake iya warware aiki. A MySQL, teburin MyISAM ba ya warwarewa, sai na InnoDB. Kuma a MySQL ɗin, umarni irin su `TRUNCATE TABLE` suna tabbatar da tiranzakshan da kansu. Sannan rumbu mai daidaito ba lalle ne ya zama cikakke ba: wanda ya nemi rahoto bayan katsewa zai ga layi 155,000 daga cikin 240,000. Inda ba a son a ga rabin fayil, sai a ƙara wa teburin `ci_gaba` alamar kammalawa, a ɗaga ta cikin kashi na 48, rahotanni kuma su riƙa karanta fayilolin da aka kammala kaɗai.