Fayil ɗinka yana faɗin abin da ba ka faɗa ba

A shekarar 2003 gwamnatin Birtaniya ta wallafa wani rahoto kan Iraƙi a fayil ɗin Word. Da masu bincike suka leƙa cikinsa, sai suka tarar da sunayen ma'aikata huɗu da suka yi aiki a kansa. Word yakan ajiye sunan marubuci da na wanda ya yi gyara na ƙarshe, ko da ba a gan su a shafi ba.

Gyare-gyaren ma sun fi sunan haɗari. A ce ka rubuta wa mai saye farashi naira dubu 800, mai gidanka ya mayar da shi dubu 950 alhali Track Changes yana kunne. Ka zaɓi No Markup, shafi ya fito tsaf, ka aika. To, ɓoyewa ka yi kawai. Da dannawa ɗaya mai saye zai ga tsohon farashin, har da sharhin da aka yi a gefe.

Maganin shi ne ka fara yin kwafi, domin abin da aka goge ba lallai ya dawo ba. A kwafin, ka amince da gyaran ta Accept All Changes. Sannan ka bi File, Info, Check for Issues, Inspect Document, ka danna Remove All a gaban sharhi da bayanan marubuci. Mayar da fayil PDF bai wadatar ba, sunan yakan bi shi. Kafin ka aika, rufe fayil ɗin, ka sake buɗewa, ka duba All Markup da idonka.