Jan Ɗigo ko Saitin Ƙarfe: Wanne Ya Dace da Sabon Maharbi?

Duk wanda ya fara koyon harbi a filin wasa, abu na farko da ke ba shi wahala shi ne idonsa. Saitin ƙarfe, wanda ake ƙera yawancin bindigogi da shi, abu biyu ne: ɗan tsinke a kusa da bakin bindiga, da wata ƴar tsaga ko huda a baya. Sai maharbi ya daidaita tsinken a tsakiyar tsagar, sannan ya ɗora su a kan abin bara. Abu uku ke nan, kowanne da nisansa, ido kuwa ba ya iya ganin uku sarai a lokaci guda. Shi ya sa masu koyarwa ke cewa a kafa wa tsinken gaba ido, a bar abin bara ya yi dishi-dishi.

Kuskure kaɗan a nan yana jawo babbar asara. A ƙaramar bindiga, tsakanin tsinke da tsaga bai wuce kamar santimita 15 ba. Idan tsinken ya goce da milimita 1 kacal, a nisan mita 25 harsashi zai kauce da kusan santimita 17.

Jan ɗigo ya zo ne don sauke wannan nauyi. Kamfanin Aimpoint na ƙasar Suwidin ya fito da irinsa mai batir a 1975. Wani ɗan mitsitsin ƙwan fitila ne ke haska gilashi mai ɗan lanƙwasa, gilashin ya maido hasken zuwa ido, sai ɗigon ya bayyana kamar a jikin abin bara yake. Maharbi ya buɗe idanunsa biyu, ya kalli inda yake son harsashi ya sauka. Masu shekara arba'in zuwa sama, waɗanda ganin kusa ya fara yi musu gardama, su suka fi jin daɗinsa.

Sai batun tazarar ido. Madubin bindiga mai kusanto da nesa yana da tazarar da dole a tsayar da ido, galibi santimita 8 zuwa 10. In ka yi nisa, baƙin zobe ya rufe hoton. In ka matsa, bindiga ta yi baya ta fasa maka gira. Jan ɗigo ba ya ƙara girman komai, don haka ba shi da wannan ƙa'ida: ko kusa da ido ko a tsawon hannu, ɗigon yana nan, tagar ce kawai ke ƙanƙancewa in ta yi nisa. Saitin ƙarfe mai huda kuwa yana son ido kusa da hudar, kuma kunci ya sauka wuri ɗaya a jikin gindin bindiga kowane lokaci.

A jikin kwali za ka ga an rubuta 2 MOA ko 6 MOA. Wannan shi ne girman ɗigon. MOA ɗaya yana rufe kusan santimita 3 a nisan mita 100. A ce abin bara faranti ne mai faɗin santimita 15 a mita 100. Ɗigo mai 2 MOA zai rufe santimita 6 na tsakiyarsa, kana ganin gefen farantin ta ko'ina. Mai 6 MOA zai rufe santimita 17, faranti ya ɓuya ɗungurungum, ka koma harbin laluɓe. Amma a mita 25, babban ɗigon santimita 4 da ɗoriya kawai yake rufewa, kuma ido ya fi saurin cafke shi. Saboda haka doguwar bindiga ta fi dacewa da ƙaramin ɗigo, ƙaramar bindiga kuma da mai 3 zuwa 6.

Idan ɗigon ya bazu kamar tauraro ko ya yi wutsiya, fara rage haskensa, domin haske mai yawa yana kumbura shi. In bai gyaru ba, ɗauki hotonsa da waya. Idan a hoton ya fito kewayayye, matsalar daga idonka take, sai neman tabarau.

Jan ɗigo yana da nasa raunin. Batir yana mutuwa, ƙura ko ruwa kan toshe ƙwan fitilar a irin buɗaɗɗen, kuma a ƙaramar bindiga sabon shiga kan ɗaga hannu ya tarar da taga wayam, ya yi ta juya wuyan hannu yana neman ɗigo. Shi ya sa da yawa ke barin saitin ƙarfe a wurinsa ko bayan sun ɗora ɗigo. Ɗigon dai zai nuna maka rawar hannunka ƙarara, har da yadda yake nitsewa ƙasa in ka fizgi kunama da garaje. Gyaran wannan kuwa aikin yatsa ne, kowane saiti ka zaɓa.