Ciye-ciyen Dare: Gyaran Tuwo, Auna Kaso da Tsara Lokacin Kwanciya

Ciye-ciyen dare shi ne abin da mutum kan kai baki bayan ya gama cin abincin dare, kafin barci ya ɗauke shi: tsire ko balangu a bakin titi, indomi da ƙwai a teburin mai shayi, biredi, cincin, lemon kwalba, ko gyaɗar da ake tauna ana kallon fim. Yawanci akan ɗora laifin a kan kwaɗayi, amma sau da dama tushen abin yana cikin kwanon da aka ci bayan magariba, da kuma tsawon lokacin da aka ɗauka ido biyu bayansa.

Yunwar dare tana da dalilai a jiki. Tuwon shinkafa, tuwon semo, farar taliya da biredi duk sitaci ne da aka raba da dusarsa, don haka suna saurin narkewa. Sukarin jini ya hau da sauri, ya sauka da sauri, ciki kuma ya koma wayam. Idan miyar da ta raka tuwon ruwa-ruwa ce, ba wake, ba kifi, ba ganye mai yawa, to babu abin da zai riƙe cikin. Ƙarancin barci ma yana da hannu. Akwai sinadarai biyu a jiki, girelin mai tayar da yunwa da leftin mai sanar da ƙwaƙwalwa an ƙoshi. Bincike ya nuna cewa wanda ba ya samun isasshen barci, na farkon kan ƙaru a jikinsa, na biyun ya ragu, sha'awar zaƙi da maiƙo kuma ta yi ƙarfi. Ga shi da dare jiki ba ya sarrafa sukari da kyau kamar yadda yake yi da safe.

A ɗauki misalin ma'aikacin da ya ci malmala biyu ta tuwon shinkafa da miyar kuka da ƙarfe 7, ya fita hira bayan isha'i, bai kwanta ba sai 12 na dare. Awa biyar ke nan tsakanin tuwo da barci, kusan tazarar da ke tsakanin karin kumallo da abincin rana. Zuwa ƙarfe 11 yunwa ta gaske ce ke cinsa. Idan ya tsaya wurin mai shayi aka soya masa indomi ɗaya da ƙwai biyu, aka haɗa masa shayi mai kauri da madara da sukari cokali uku, ya ci abin da ya kai kalori 600 ko fiye. Babban mutum yana bukatar kimanin kalori 2,000 a yini, ke nan ya ƙara fiye da kashi ɗaya cikin huɗu a kan abin da ya riga ya ci. Da safe sai ya tashi ciki a cushe, ya ƙi karyawa, ya wuni da yunwa, dare ya yi a sake maimaitawa.

Gyara na farko a kwanon dare yake. Masana abinci suna ba da ma'auni mai sauƙi: a raba faranti gida huɗu, biyu na ganye da kayan lambu, ɗaya na abinci mai gina jiki, ɗaya na tuwo ko shinkafa. Ga wannan ma'aikaci, ma'anarsa ita ce malmala ɗaya maimakon biyu, da miya mai kauri irin taushe ko ta alayyafo wadda aka zuba wa wake ko busasshen kifi, sannan kwaɗon zogale ko na rama a gefe. Abinci mai gina jiki, wato wake, ƙwai, kifi, nama, awara da nono, ya fi sitaci daɗewa yana riƙe ciki, ganye da dusar hatsi kuma suna rage saurin narkewar abin da aka ci. Shi ya sa tuwon dawa ko na gero da ba a surfe shi fes ba ya fi na farar shinkafa kai mutum ga barci ba tare da ƙugin ciki ba. Kuskuren da masu son rage ƙiba kan yi shi ne ƙin cin abincin dare gaba ɗaya, ko shan shayi kawai. Yawanci ƙarfe 11 na yi yunwa ta ci ƙarfinsu, su ci fiye da abin da suka guje wa.

Gyara na biyu shi ne auna kaso tun da wuri. Wanda ya san zai kai dare, kamar ɗalibi mai karatun jarrabawa, ko mai gadi, ko ma'aikaciyar jinya, gara ya tanadi abin da zai ci tun yana ƙoshe, da ya bari sai yunwa ta zaɓar masa. Kason da ya dace shi ne wanda bai wuce kalori 150 zuwa 200 ba: dafaffen ƙwai ɗaya da kokwamba, ko ƙaramin kofin kindirmo ba sukari, ko gyaɗa cikin tafin hannu ɗaya. Gyaɗa ta nuna amfanin awo sosai, domin cikin tafin hannu, kimanin giram 30, yana ɗauke da kalori kusan 170, amma wanda ya ajiye kwalbarta a gefe yana kallo zai iya cin ninki uku bai ankara ba. Don haka a zuba kason a ƙaramin kwano, a mayar da sauran inda yake, a ci a zaune. Lemon kwalba ba ya cikin wannan lissafi: ƙaramar kwalba ɗaya tana da sukari kimanin giram 35, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce kimanin giram 50 a yini, kuma lemon ba ya kashe yunwa.

Gyara na uku tsarin dare ne. Akan so a bar awa biyu zuwa uku tsakanin cin abinci da kwanciya, domin kwanciya da cikakken ciki na sa ruwan tsami na ciki ya hauro maƙogwaro, abin da ake ji kamar zafin ƙirji. Mai kwanciya ƙarfe 10:30 sai ya gama tuwonsa kafin 8. Ma'aikacin da aka ambata yana da zaɓi biyu: ya jinkirta tuwon zuwa bayan isha'i, ko ya gajarta hira ya kwanta da wuri. Shayi mai ƙarfi, kofi da goro suna ɗauke da kafin, wanda rabinsa kan kai awa biyar a jini, saboda haka shansu da dare yana korar barci, ya ƙara awannin da baki zai nemi abin taunawa. Goge haƙora bayan isha'i, wanke kwanuka da rufe kicin, da ajiye waya nesa da shimfiɗa, duk alamu ne da jiki kan saba da su cewa ci ya ƙare. Ana kuma iya bambanta yunwa da kwaɗayi: yunwa takan zo a hankali, kuma ko sauran tuwo aka samu za a ci, shi kuwa kwaɗayi farat ɗaya yake zuwa, abu ɗaya yake nema, kuma yakan lafa idan an sha ruwa an jira minti 15.

Wannan tsari yana da iyaka. Mai ciwon sukari da ke yin allurar insulin ko shan ƙwayoyi irin gilibenkilamaid, sukarinsa na iya faɗuwa cikin dare, da alamun zufa, rawar jiki da bugun zuciya. Shi kada ya daina ɗan abin da yake ci kafin barci sai da shawarar likita. Mai ciki da mai shayarwa ma bukatarsu ta fi ta sauran mutane. Akwai kuma lalurar da likita Albert Stunkard da abokan aikinsa suka bayyana a 1955, inda mutum ke cin kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye na abincin yininsa bayan abincin dare, ko ya riƙa farkawa cikin dare aƙalla sau biyu a mako don ya ci, ga rashin sha'awar abinci da safe. Wanda hakan ya ɗauki watanni yana faruwa da shi, asibiti ya kamata ya nufa, domin lalurar takan haɗu da damuwa da matsalar barci, waɗanda gyaran tuwo kaɗai ba ya magance su.