Aikin kwana takwas a mako mai kwana biyar da rabi

Ranar wata Asabar da yamma ina zaune kan bulo a wurin wani gini da nake kula da shi a Kano, na miƙa wa mai wayarin ɗinmu takardar aikin mako mai kamawa. Ya karanta, ya sake karantawa, sannan ya ɗago kai ya ce, "Oga, ranar Litinin ɗin nan mu nawa ne?" Na ce shi kaɗai ne mana. Ya ce to a takardata dai ya ga kansa a wuri huɗu.

Gaskiyarsa. Ginin gida ne mai bene a baya, da shaguna shida a gaba waɗanda an riga an yi musu rufi. Na rubuta masa ayyuka huɗu, kowanne da tsawonsa. Shimfiɗa bututun waya a cikin rodin dekin bene kafin a zuba kankare, kwana biyu. Fasa bango da binne bututu a shaguna kafin masu filasta su shigo, kwana uku. Haɗa injin tura ruwa na burtsatse, kwana ɗaya. Fitilun katanga, kwana biyu. Duk ɗaya bayan ɗaya na duba na ga daidai ne, kuma babu wanda ke jiran wani, don haka na sa su duka su fara Litinin. Abin da ban yi ba shi ne tara su a kan mutumin da zai yi.

Da aka tara, kwana takwas ne. Makonmu kuwa Litinin zuwa Asabar, Juma'a rabin yini saboda masallaci, wato kwana biyar da rabi. A awa takwas kullum, na ɗora masa awa 64 a makon da ke da awa 44. Idan aka bi rana-rana abin ya fi muni: Litinin awa 32, Talata 24, Laraba 8, daga Alhamis zuwa Asabar ko ɗaya babu.

Gyara irin wannan cunkoso shi masu tsara ayyuka ke kira daidaita nauyin aiki. Ba a rage aikin, ba kuma a ce wa mutum ya ƙara sauri. Ranakun farawa ake matsarwa har ya zama babu ranar da aka nemi mutum ya ba da fiye da awannin da yake da su.

Kuskuren nawa tsohon kuskure ne, yana cikin asalin hanyar tsara aikin kanta. A wajajen 1957 ne kamfanonin DuPont da Remington Rand na Amurka suka fito da dabarar da ake jera ayyuka bisa wanda ke jiran wani, a gano jerin da in ɗaya daga cikinsa ya makara da kwana guda, duk aikin ya makara da kwana guda. Wannan jeri shi ne ƙashin bayan aiki. Sauran ayyukan da ba sa cikinsa suna da rara, wato kwanakin da za su iya jira ba tare da ranar gamawa ta motsa ba. Dabara ce mai kyau, amma lissafinta na farko bai san ma'aikaci ba. Yana ɗauka duk aikin da hanyarsa ta buɗe akwai hannun da zai kama shi nan take. Shi ya sa sai an gama wancan lissafi ake dawowa a yi na biyu, na mutane.

Rarar nan ita ce jarin mai daidaitawa, don haka da ita muka fara. An riga an ba da kafin alƙalami na injin kwaɓa kankare, an kuma yi magana da leburori, ranar Alhamis da sassafe za a zuba dekin. Bututun da bai shiga ba kafin lokacin ya rasa shiga har abada, sai dai a bi saman silin da waya a fili. Wannan aiki rararsa kwana ɗaya tak, Laraba. Masu filasta za su shiga shaguna Litinin ta sama, saboda haka aikin kwana uku na shaguna dole ya fara kafin azahar ɗin Laraba in ana so ya ƙare Asabar: rarar kwana biyu da rabi. Fitilun katanga ba mai jiran su sai ranar miƙa makulli, makonni shida nan gaba. Injin burtsatse ma, a takardata, ba mai jiran sa.

Sai na ji abin ya zo da sauƙi. Dekin Litinin da Talata, shaguna daga Laraba, fitilu da burtsatse a tura su mako na gaba. Kwana biyar cikin biyar da rabi, har da canji.

Babban birkilanmu, dattijo ne da bai cika magana ba, yana gefe yana wanke cokalinsa. Bai ko juyo ba ya ce, "Ranka ya daɗe, da wane ruwa za mu kwaɓa ranar Alhamis?"

Nan ne inda daidaitawa ta fi kayar da mutum. Rarar da na gani a kan burtsatse ta ƙarya ce, ta samu ne don ban rubuta cewa zubin kankare yana jiran ruwa ba. Kuma ba ruwan kwaɓi kaɗai ba, sabon dekin yana son a riƙa ba shi ruwa safe da yamma aƙalla mako guda, in ba haka ba zafin Kano ya busar da shi ya tsattsage. Ko dai a haɗa injin kafin Alhamis, ko a yi ta sayen ruwan tanka. Alamar rarar ƙarya ita ce aiki ya zauna a takarda babu komai a bayansa. Duk inda na ga haka yanzu sai na tambayi masu aikin: in ba a yi wannan ba, wa zai tsaya?

Mai wayarin ma ya ƙaro nasa. Ranar zubi sai ya tsaya a kan dekin, domin leburori da kwanonin kankare suna taka bututu, wani ya fashe, wani bakinsa ya buɗe siminti ya cika shi. Rabin yini ke nan da bai taɓa shiga takarda ba. Aikin nasa ashe kwana takwas da rabi ne.

Ga yadda makon ya koma. Litinin da Talata dekin. Laraba burtsatse. Alhamis da safe gadin bututu, da rana ya shiga shaguna, ya ci gaba Juma'a da safe da Asabar duka. Fitilu suka koma Talata da Laraba na mako na gaba, ba wanda ya ji a jikinsa. Kwana biyar da rabi cif, babu ranar da ta wuce awa takwas. Sai dai aikin shaguna ya sami kwana biyu ne kawai cikin ukun da yake bukata. Ya cinye rararsa duka, ya ƙara da bashin kwana ɗaya.

Wannan kwana ɗaya shi ne farashin daidaitawa, kuma ba kowane mai gida ke son jin sa ba. Akwai hanya biyu da masana suka bambanta. A ta farko ana matsar da ayyuka iya rararsu kawai, ranar gamawa ba ta motsi, amma wani cunkoson zai iya saura. A ta biyu ana cire cunkoson gaba ɗaya ko da ranar gamawa za ta ja baya. Ni a ganina, in mutum ɗaya ne ya iya aikin kuma babu madadinsa, ta biyu ce ke faɗin gaskiya. Jinkirin yana nan tun ranar da aka rubuta awa 64, takarda ce kawai ta ɓoye shi.

Mu dai mun tsira ta hanyar gutsura aikin. Shago biyu yake gamawa a yini, don haka zuwa Asabar huɗu sun kammala. Masu filasta suka fara da waɗannan ranar Litinin, shi kuma yana ƙarasa biyun ƙarshe. Ba kowane aiki ke gutsuruwa haka ba. Na dekin ba a raba shi, kuma aikin da ake tsinkewa a koma wani yakan ci ƙarin lokaci wajen kwashe kaya da tuno inda aka tsaya. Na so in kawo masa mataimaki, amma yaro zai iya fasa bango ne kawai, haɗa injin ruwa da tsara layukan dekin sai shi. Aikin dare kuwa na yini ɗaya ko biyu ne, ba a cike gurbin awa 20 da shi.

Masu aiki da kwamfuta suna da wannan a cikin manhajar Microsoft Project. Da zarar an ɗora wa mutum fiye da awanninsa sai ɗan hoton mutum ja ya bayyana a gefen aikin. A shafin Resource akwai Level Resource na mutum guda da Level All na kowa, a cikin Leveling Options kuma akwai akwatin Level only within available slack, wanda shi ne zaɓi tsakanin hanyoyi biyun can. Kowane aiki yana da lambar Priority daga 0 zuwa 1000, yana zuwa da 500, wanda aka ba 1000 ba a taɓa shi. In sakamakon bai yi ba, Clear Leveling yana mayar da komai yadda yake.

Abu biyu ne nake gargaɗi a kansu. Manhajar tana zuwa da kalandar Litinin zuwa Juma'a, awa 40, ba ta san rabin yinin Juma'a ko aikin Asabar ba sai an gyara a Change Working Time. Sannan a duba ko an sa ta nemi cunkoso Day by Day ne ko Week by Week. Mutumin da aka ba awa 24 ranar Litinin, sauran mako awa 16, a ma'aunin mako lafiyarsa ƙalau. Ita ma da ta tura burtsatse gaba kamar yadda na yi, tunda abin da aka shigar mata kaɗai ta sani.

Akwai kuma awannin da babu takardar da ke ganin su. Mai sana'a a garinmu da wuya ya zama naka kai kaɗai. Da muka gama gyaran jadawalin na tambayi mai wayarin ko duk kwana biyar da rabin nan nawa ne. Ya sosa ƙeya ya ce Asabar da safe akwai wani gida a Hotoro da ya yi wa alkawari tun watan jiya. Muka kira mai gidan a waya nan take, ya yarda a mayar da nasa Lahadi.